Ranar da Aka Kawo Mini Hoton Gida a Cire Mutum Daga Cikinsa

Shekarata ta uku ke nan ina aikin gyaran hoto a wani ɗan shago da ke unguwar Bukoki a Yamai, ba nisa da kasuwar Katako. Asalina mutumin Tawa ne, kuma a hannun maigidan shagon na koyi aikin, tun daga hoton takardu har zuwa farfaɗo da tsofaffin hotunan da suka koɗe. Na rubuta wannan ne saboda 'yan'uwana masu koyon sana'ar, domin akwai aikin da kowa zai gamu da shi ko ba daɗe ko ba jima, kuma ba a koya mana yadda ake karɓarsa: wato a kawo maka hoton iyali a ce ka cire mutum ɗaya. An koya mini yadda ake cirewa, amma ba wanda ya gaya mini tambayoyin da ya kamata in yi kafin in karɓi kuɗi, shi ya sa na yi kusan mako biyu cikin ruɗanin da tambaya uku za su iya raba ni da shi.

Wata Asabar ce da hantsi, cikin tsakiyar bazara, wata Hajiya mai kimanin shekara hamsin da 'yan kai ta shigo tare da 'yarta budurwa. Maigida ba ya nan, ya tafi ɗaukar hoton suna. Da muka gaisa ta ji harshena, sai ta tambaye ni ko ni Ba'adare ne, na ce mata daga Tawa nake, ta ce ai su ma can ne gida, zama ne ya kawo su Yamai. Ta kwance wani ƙyalle ta fito da hoto mai girman santimita 10 da 15, irin wanda ake wankewa daga fim, ya yi ja-ja saboda daɗewa, kusurwa ɗaya ta karye, ga kuma tabon ruwa a sama. Mutum bakwai ne a ciki, a tsakar gida, bayansu katangar ƙasa da ƙofar kwano. Alhaji yana zaune a kujera a tsakiya da babbar riga, Hajiya na zaune a damansa, yara uku a gabanta, a hagunsa kuma wata mata ce tsaye, siririya, da wani yaro ɗan kamar shekara uku jingine da ƙafafunta. Hajiya ta ɗora yatsa a kan matar ta ce, “Ɗana, wannan nake so ka cire mini, ka gyara sauran, ka faɗaɗa shi babba na rataya a falo. Bikin ƙanwarka saura mako uku, kuma shi ke nan hoton da muke da shi tare da marigayi.” Na yi wa Alhaji addu'a, na duba hoton sama-sama, na ce za a iya.

A nan na yi kuskurena na farko. Ban tambayi ko wace ce matar ba, ban tambayi ko ɗan wa ne yaron ba, hankalina duk yana kan katangar da ke bayanta, ina lissafin ko za ta yi sauƙin cikewa. Na yi mata kuɗi bisa tsarin shagonmu: sefa 500 na ɗauka a sikana, 3,000 na gyaran launi da tabo, 5,000 na cire mutum, sai bugu da firam da za mu tsayar idan an san girman. Ta ba da jikka biyar kafin alƙalami, na rubuta mata takardar shaidar biya da lambar wayata, na ce ta dawo ranar Alhamis. Ta so a yi mata santimita 40 da 60, na ce sai na ga yadda hoton ya fito a kwamfuta tukuna.

Da yamma na ɗauki hoton a sikana. Ga wanda bai saba ba, tsohon hoto ba a goge shi da ruwa ko da yawu, domin fuskarsa tana narkewa ta manne. Iska ake hura masa, a share gilashin sikana da ƙyalle mai laushi, a kashe duk gyaran da na'urar ke yi da kanta. Na ɗauka a 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, na adana shi a TIFF, ba JPEG ba, saboda JPEG yana zubar da wani abu duk lokacin da aka sake adanawa. Lissafin mai sauƙi ne: hoto mai 10 da 15 a 600 dpi yana ba da fiksal 2362 da 3543, nauyinsa wajen mega 25, kuma wannan shi ne daidai abin da ake buƙata a buga 20 da 30 a 300 dpi. Idan aka kai shi 40 da 60, abin zai koma 150 dpi, fuskokin da kowacce ba ta wuce farcen babban yatsa ba a takarda za su yi dishi-dishi kamar an shafa musu mai. Na ajiye wannan ɗaukar ta farko a wuri daban da sunan asali, na kwafa ta a kile na USB, ban sake taɓa ta ba, duk aikin da ya biyo baya a kan kwafi na yi shi.

Ranar Litinin na soma da gyaran da ba shi da gardama. Jan da tsohon hoto ke yi yana zuwa ne daga koɗewar wasu daga cikin rinin takardar kafin wasu, saboda haka da Niveaux, abin daidaita haske da launi a Photoshop, na bi launukan uku ɗaya bayan ɗaya, na dawo da farin rigar Alhaji fari, inuwar ƙofa ta koma baƙa. Tabon ruwa da karyewar kusurwa suka ci mini kamar awa biyu da Correcteur, abin share tabo. Da launi ya dawo, sai hoton ya buɗe, na ga zanen atamfar Hajiya kore ne da ruwan ɗorawa, na ga ƙurar da ke ƙafafun yaran. An ɗauke wuta da azahar kafin in adana, na yi asarar kusan rabin awa na aiki, tun daga nan duk minti kaɗan hannuna na kan Ctrl+S.

Talata na shiga cirewar. Na ninka shimfiɗar da Ctrl+J domin asalin ya zauna a ƙasa, na zagaye matar da Plume, alƙalamin zagaye abu, tun daga ɗankwali har ƙafa, na gwada Remplissage d'après le contenu, kayan aikin da Photoshop ya shigo da shi tun 2010, wanda ke cike gurbi da abin da ya tsinta a kewaye. A kan katanga ya yi ƙoƙari, amma ya kwaso gefen babbar rigar Alhaji ya liƙa a inda kafaɗarta take, ya kuma karya layin ƙofar gida biyu. Sai na koma Tampon de duplication, ina ɗebo katanga daga wurare daban-daban, domin idan daga wuri ɗaya kake ɗebowa, tsagar bango guda za ta maimaita kanta sau uku, kuma wannan ne abu na farko da ido ke kamawa a hoton da aka taɓa. Na ja layin ƙofar ya miƙe, na share inuwarta da ke kwance a ƙasa, domin inuwa marar mai ita tana tona asiri, na ƙara ɗan ƙwayar fim da Ajout de bruit yadda sabon wurin ba zai fi sauran santsi ba. Kafin la'asar, daga ƙugunta zuwa sama babu ita. A wajen koyon aiki an taɓa nuna mana hoton Stalin, shugaban Tarayyar Soviet, a bakin mashigin ruwan Mosko, inda aka cire Yezhov, tsohon shugaban 'yan sandan sirrinsa, bayan an kashe shi a 1940 aka cike gurbinsa da ruwa, kuma na tuna abin da na lura da shi a lokacin shi ne aikinsu ya yi sauƙi saboda ba ya taɓa kowa a hoton. Tawa matar tana taɓa wani.

Da na faɗaɗa hoton zuwa kashi 300 a daidai ƙirjin yaron, sai na ga abin da ban gani ba ranar Asabar. Hannunta na dama ya sauko ta kan kafaɗarsa ya kwanta a ƙirjinsa, da lalle a yatsun da wani siririn zobe, shi kuma ya ɗaga hannunsa ya damƙe yatsunta biyu, manuniya da na tsakiya, irin damƙar da yaro ke yi idan yana tsoron baƙo mai kyamara. Kansa ya karkata baya ya nutse cikin zanenta. Ta fuskar aiki kawai, ga abin da cirewar ke nufi: in ƙirƙiro gaban rigar yaron da hannunta ya rufe, har da aikin wuyan da ban taɓa gani ba, in buɗe damƙarsa ko in yanke hannun in sauke shi gefe, domin ba zai zauna a sama yana riƙe da iska ba, in gina bayan kansa da kunnensa ɗaya, sannan in miƙar da jikinsa duka, tunda mutum ba ya jingina da babu. Ashe ba cire mutum ɗaya aka ba ni ba, sake ƙera wani aka ba ni. Na fara ma, na goge zoben da yatsa ɗaya, sai na ga hannun yaron ya rage da rata a tsakiyar damƙarsa, jikina ya yi sanyi, na janye hannu daga linzamin kwamfuta na zauna ina kallo har aka kira magariba.

Washegari na kira lambar da aka bar mini, 'yar ce ta ɗauka. Na ce mata tambayar aiki gare ni, ina so in san ko za a iya cire yaron tare da matar, domin hakan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ta yi sauri ta ce a'a, ai yayanta ne. Daga nan ta ba ni labarin a taƙaice, muryarta ƙasa-ƙasa. Matar amaryar babansu ce, zaman bai yi daɗi ba tsakaninta da Hajiya, aure ya mutu ba da daɗewa da ɗaukar hoton ba, ta koma garinsu, bayan 'yan shekaru ta rasu. Yaron ya tashi a hannun Hajiya, ita ta yi masa komai, yanzu yana Abijan wajen nema kamar yawancin samarin Adar, kuma zai zo bikin. Na tambaye ta ko yana da wani hoton mahaifiyarsa, ta yi shiru, sannan ta ce a saninta wannan ne kaɗai.

Da maigida ya shigo na nuna masa allon, na gaya masa abin da na ji. Ra'ayinsa a fili yake, kuma ba zan ce ba shi da hujja ba. Ya ce hoton na Hajiya ne, falon nata ne, kuɗin nata ne, asalin kuma yana nan ba wanda ya ƙona shi. Mu masu sana'a ne, ba alƙalan gidan mutane ba, kuma idan mun ƙi, shago nawa ne tsakanin nan da Babbar Kasuwa da za su yi mata kafin ta gama zama. Ya tuna mini cewa ni da kaina na cire mutane da yawa: mai tallan ruwa da ya gitta bayan ango, tsohon saurayi a hoton wata yarinya, baƙon da ya leƙo cikin hoton 'yan makaranta. Amma ya ƙara da wata magana da ta tsaya mini, ya ce shi abin da yake gudu ɗaya ne, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, ranar da saurayin ya tsaya a falo ya ga an share uwarsa, ba zai iya ɗaga ido ya kalli wadda ta raine shi ba, sunan shagon da ke bayan firam zai karanta. Daga ƙarshe ya ce ni na karɓi aikin, ni zan yanke, duk abin da na zaɓa ba zai tsawata mini ba, sai dai in sani idan kuɗi ya koma, daga rabona zai fita.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na yi ta auna dalilin da ya sa cire mai tallan ruwa bai taɓa damuna ba, wannan kuwa ya hana ni sakat. Abin da na gano shi ne, mai tallan ruwa ba kowan kowa ba ne a cikin wancan hoton, tsohon saurayin kuma hoton na yarinyar ne ita kaɗai, ba wani mai haƙƙi a cikinsa. Wannan hoton kuwa takardarsa ce ta Hajiya, amma abin da ke cikinsa na mutum bakwai ne, biyu sun rasu ba za su yi magana ba, ɗaya kuma ba a tambaye shi ba, alhali jikinsa ne zan karya in sake ɗorawa. Kuma ba a aljihu za a ɓoye shi ba, a bango za a rataye shi ranar taro, duk wanda ya shigo zai ɗauka haka gidan yake a wancan lokaci, jikokin da za a haifa ma haka za su ɗauka, ƙaramin asalin kuwa zai koma cikin ƙyalle ya ci gaba da koɗewa har ya ɓace. Ban kuma ga laifin Hajiya ba. Ban san abin da ta haɗiye a wancan zama ba, kuma macen da ta raini ɗan kishiyarta har ya zama mutum ba ni ne zan koya mata alheri ba. Abin da take so shi ne ta ɗaga kai a falonta ta ga mijinta ba tare da tsohon ciwo ya tashi ba, wannan kuwa buƙata ce ta gaskiya. Da na tsaya a kan wannan, sai na ga ashe akwai hanyar biya mata ita ba tare da an taɓa yaron ba.

Ranar Alhamis da safe, kafin ta zo, na sake ɗora asalin a sikana, na zaɓi inda Alhaji da Hajiya suke kawai, wajen santimita 5 da 7.5, na ɗauka a 1200 dpi, wanda shi ma ya ba ni fiksal 2362 da 3543. Ya kamata a sani cewa ƙara dpi ba ya ƙirƙiro abin da takarda ba ta riƙe ba, yana dai sa faɗaɗawar ta yi laushi maimakon ta farfashe. Ninki huɗu ne daga 5 zuwa 20, kuma nan ne iyakar abin da wannan hoton zai ɗauka. Na yanke su biyun daga ƙirji zuwa sama da Masque de fusion, abin ɓoye sashen hoto, na bi gefen hula da mayafi a hankali, na ɗora su a kan bango mai launin toka-toka irin na situdiyo, wanda kowa ya gani ya san hoto ne da aka tsara, ba tsakar gida ba ce. Kan ɗaya daga cikin yaran ya ɗan rufe gwiwar hannun Hajiya, amma yankan ya tsaya sama da wurin, don haka ban ƙirƙiro komai ba. Na buga gwaji biyu ƙanana a shago: wannan na mutum biyu, da cikakken hoton da aka gyara launinsa kowa na ciki. Wanda na fara cirewa ban buga shi ba.

Ta zo bayan la'asar ita kaɗai. Na ba ta kujera da ruwan sanyi, na ce, “Hajiya, ina neman afuwa, akwai abin da ya kamata in duba tun ranar farko ban duba ba.” Na juya mata allon, na faɗaɗa daidai hannun, ban ce komai a kan labarin da na ji ba, domin ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ban so in jawo wa 'yarta faɗa. Na bayyana mata aikin kamar yadda yake, cewa sai na karya hannun yaron da wuyansa na sake gina su, na kuma ce mata gaskiya zan iya, amma ba zan yi ba, kuma idan ta ga dama ga jikka biyar ɗinta, ga asalin hotonta, ba na binta komai na gyaran. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce, “Kai yaro, aiki na kawo maka ko shawara? Me ka sani a kan gidana?” Na ce ban san komai ba, Hajiya, hannuna ne kawai ya kasa. Na tura mata gwaje-gwajen biyu. Ta ɗauki na mutum biyun ta daɗe tana dubawa, ta kai shi kusa da fuska, ta ce hular nan ita ta saya masa. Sannan ta ajiye, ta ɗauki asalin ta naɗe a ƙyallenta, ta tashi ba sallama. Kuɗin ta bar su a kan tebur, na sa su a ambulan na rubuta ranar.

Kwana shida ban ji ɗuriyarta ba. A kwanakin nan na tabbatar wa kaina cewa ta kai wani shagon, kuma maigida bai ce mini uffan ba, wanda ya fi mini nauyi a kan ya yi faɗa. A cikinsu ne na zauna na rubuta a bangon littafin karɓar aiki abin da zan riƙa yi daga yanzu, kuma shi nake so mai koyo ya ɗauka. Kafin a yi maganar kuɗi, a ɗora hoton a sikana a gaban mai shi, a faɗaɗa duk inda wanda za a cire ya taɓa wani, hannu ne, kafaɗa ce, inuwa ce, domin a nan ne wahalar aikin take, a nan kuma nauyinsa yake. Minti biyar ya isa. A tambaya cikin ladabi ko wane ne shi ga sauran mutanen da ke ciki, ko akwai wani hotonsa a wani wuri, da kuma inda za a kai sabon. Tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, saboda hoton da za a rataya a ɗaki daban ne da wanda za a yaɗa a waya ko a kai gaban masu rabon gado a matsayin shaida, kuma na biyun ba na taɓa shi ko nawa za a biya. Kada a karɓi kafin alƙalami na cirewa sai an ga wannan duka, domin ƙin aiki kafin a karɓi kuɗi magana ce, bayan an karɓa kuwa saɓa alkawari ne, kuma rabin fushin Hajiya daga nan ya fito, da gaskiyarta. Sannan idan za ka ƙi, kada ka zo hannu rabbana, ka zo da wani abin da aka riga aka buga wanda za a riƙe a duba.

Ranar Laraba 'yar ta kira ta ce Mama ta ce a yi na mutum biyun, a yi shi babba. Na ce 20 da 30 ne iyakarsa idan ana son fuskar Alhaji ta fito, amma za a iya sa masa faffadan farin kati a kewaye cikin firam mai 30 da 40, zai cika bango ba tare da an ja hoton ba. Ta amince. Na mayar da shi JPEG mafi inganci a tsarin launi na sRGB, na kai labo, wurin buga hoto, da kaina a kile maimakon in tura ta waya, domin WhatsApp yana matse hoto idan ba a matsayin takarda aka aika shi ba. A labo na tarar da layi saboda lokacin bukukuwa ne, na jira kusan awa ɗaya, bugun farko ya fito da ɗan kore a farar riga, na nuna wa mai injin ya rage ya sake, na biya 1,500. Mai firam a Katako ya karɓi 4,000 da gilashi da kati, ya ce in dawo gobe, na koma jibi na samu. Da aka haɗa lissafi, sikana da gyara da yankan mutum biyu da bugu da firam suka tashi 11,000, aka cire jikka biyar da ke cikin ambulan, saura shida. Na kuma buga cikakken hoton mai mutum bakwai a 13 da 18 da kuɗina, na sa shi a ambulan daban.

Hajiya da kanta ta zo karɓa ranar Asabar, saura mako guda biki. Ta amsa gaisuwata a taƙaice, ta sa na jingina firam ɗin da bango ta ja baya ta duba, ta ce ya yi. Ta ƙirga jikka shida ta ba ni. Na miƙa mata ambulan ɗin da hannu biyu na ce wannan cikakken ne da aka gyara, ba na kuɗi ba ne, saboda asalin yana ci gaba da koɗewa. Ta buɗe ta leƙa, ta mayar, ta ajiye shi a kan tebur ta ce ba ta aike ni wannan ba. Na ce to, Hajiya, sannan na tambaye ta ko in goge ɗaukar da ke cikin kwamfuta, tunda hoton gidanta ne kuma ba ni da ikon riƙe shi sai da izininta. Ta gyara mayafinta, ta ce wa yaron da ya rako ta ya ɗauki firam ɗin ya yi hankali da gilashi, sai da ta kai bakin ƙofa ta juyo ta ce, “Bar shi nan wurinka, kada ka goge.” Wanda na fara cirewa, mai rabin mata da hannun yaro a buɗe, shi na goge a daren. Asalin ɗaukar yana kwamfuta da kile, ambulan ɗin kuma yana cikin aljihun teburina na sama, da sunan unguwarsu a bayansa.